Katanga da daɓen kankare: ina ake barin gaɓa, da me ake cike ta

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina zagaye filina a Arkilla, Sakkwato. Katangar baya ƙafa 100 ce, tsayi ƙafa 8, bulo mai inci 9. In an gama zan zuba kankare a tsakar gida, ƙafa 40 da 30, kauri inci 4. Maginina ya ce a bar joyin a katanga, amma daɓe ba ya buƙata tunda za a sa wayar raga. Wani kuma ya ce a gama komai tukuna, sannan a yanka duka biyun da inji a cike da kwalta. Don Allah mi ne bambancin na katanga da na daɓe, ina ake sa su, kuma da mi ake toshewa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya. Kowanne a cikin mutanen nan biyu ya riƙo rabin gaskiya. Maginin naka ya yi daidai a katanga, ya kauce a daɓe. Na biyun ya yi daidai da ya ce a yanka daɓe, sai dai lokacin da ya faɗa ya yi latti ƙwarai, kuma katanga ba a jira a gama ta sannan a yanka.

Duk abin da aka yi da siminti yana motsi iri biyu. Akwai na zafi da sanyi, wanda ke zuwa yana komawa: kankare da bulo suna miƙewa kusan milimita 1 a kowace mita 10 idan zafinsu ya ƙaru da digiri 10. Katangarka ƙafa 100 kusan mita 30 ce. Tsakanin asubahin Janairu, lokacin da hunturu ya sauko, da la'asar ɗin Afrilu da rana ta yini tana dukan bangon, bambancin zafin jikin bulon zai kai digiri 30 ba wahala. Milimita 9 ke nan, kusan kaurin biro. Na biyun shi ne ƙanƙancewa: siminti yana tsukewa yayin da ruwan jikinsa ke fita, kuma wani ɓangare na wannan tsukewar ba ya dawowa. A kankare tana kai kusan rabin milimita a kowace mita, a ɗanyen bulo ma ba ta da nisa da haka. A garin nan da iska ke shanye jiƙaƙƙen wanki kafin a gama shanya na ƙarshe, wannan na biyun ne ya fi tsaga mana gini. Shi ya sa nake ganin sunan da ake ba joyin, wai wurin faɗaɗa, yana ruɗar mutane. Mafi yawan lokaci ginin ja yake da baya, ba turowa yake ba.

Katanga tana zaune kan harsashi da ke cikin ƙasa, wanda zafi bai cika kaiwa gare shi ba, saboda haka gindinta a riƙe yake, samanta kuma yana son tsukewa. Daɓe kuwa kwance yake kan ƙasa, ƙasar tana riƙe da cikinsa gaba ɗaya, ga fuskarsa tana bushewa kafin ƙasansa. Siminti yana da ƙarfin ɗaukar nauyi, amma ba shi da ƙarfin ja. Idan aka riƙe shi yana son tsukewa, tsagewa zai yi. Gaɓa, wadda muke kira joyin a wurin aiki, ita ce ka zaɓa masa wurin tsagewar tun kafin ya zaɓa da kansa.

A katanga gaɓa rata ce ta gaske: ana barinta tun ana jera bulo, daga layin farko a kan harsashi har saman, ta ratsa kaurin bangon duka, wanda ke ciki zai iya hango haske daga waje kafin a toshe. A daɓe kuwa yawancin gaɓoɓin ba rata ba ne, tsagi ne kawai a fuska, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin kankaren. Tsagin yana raunana wurin, sai kankaren ya ƙarasa tsagewa da kansa a ƙarƙashinsa, a miƙe, inda ido ba ya gani. Wannan tsagewar ta ƙasa tana da amfani, domin ba santsi gare ta ba: tsakuwar ɓangarorin biyu tana cije da juna, tayar mota ta hau ɗaya, ɗayan ya taya shi ɗauka. Wanda ya yanka daɓe har ƙasa ya zubar da wannan ribar.

Tazarar ma daban. Ga bulon siminti, abin da aka saba shi ne gaɓa kowace mita 6, wato kusan ƙafa 20, bulo 13 a jere in kana son ƙirgawa da ido. Kusurwa tana riƙe bango da ƙarfi, don haka gaɓar farko ba ta wuce rabin wannan tazarar daga kusurwa. A katangarka lissafin ya faɗa daidai kamar an auna: daga kusurwa ka sa a ƙafa 10, 30, 50, 70 da 90. Gaɓa biyar, bangon ya rabu gida shida: gajeru biyu a bakin kusurwoyi, dogaye huɗu a tsakiya. Akwai kuma wuraren da ake sawa ko tazarar ba ta kai ba: inda tsayin katanga ya canza, inda harsashi ya yi matakala saboda gangaren fili, gefen ginshiƙin get, da inda sabuwar katanga ta haɗu da ta maƙwabci ko da jikin ɗaki. Wannan na ƙarshen mutane suna son sarƙe bulon sabo cikin tsohon bango don ya yi ƙarfi. Tsohon ya gama tsukewarsa shekaru da suka wuce, sabon yanzu zai fara, nan wurin ne zai dare.

Daɓe ya fi katanga son gaɓa kusa da kusa, kuma kaurinsa ne ke faɗin tazarar. Ka ɗauki kaurin a inci ka ninka sau biyu zuwa uku, abin da ya fito shi ne tazarar a ƙafa. Naka inci 4 ne, ƙafa 8 zuwa 12 ke nan, sai mu tsaya a 10. Tsagi uku a tsawon ƙafa 40, biyu a faɗin ƙafa 30, ka sami gida 12, kowanne ƙafa 10 da 10, zurfin tsagin inci 1. A yi ƙoƙari gidajen su zama kusan murabba'i. Idan tsawon gida ya wuce faɗinsa da rabi, zai raba kansa biyu a tsakiya. Siririn daɓen da ake zagaye ɗaki da shi, mai faɗin ƙafa 3, shi ya sa kullum za ka gan shi a tsattsage: gaɓarsa kamata ya yi ta zo kowace ƙafa 4.

Ka lura da kusurwoyin da ke kutsowa cikin daɓen, kamar kusurwar ɗaki, bakin rijiya ko murfin sokawe. Daga irin wannan kusurwa tsaga take tashi ta tafi a karkace. Lokacin da kake zana layukan tsagin a ƙasa, ka matsa su su faɗa daidai kan waɗannan kusurwoyi, ko da gidajen ba za su zo daidai wa daida ba.

Batun wayar raga da maginin ya kawo: waya ba ta hana tsagewa, riƙe bakin tsagar take don kada ta buɗe sosai. Wannan ma sai idan tana rataye a saman rabin kankaren, ba kwance a ƙasa inda leburori suka tattake ta da baro ba, kamar yadda nake tararwa a mafi yawan wurare. Idan za a sa ta, a tsayar da ita inci 2 kafin layin tsagi, ko a datse rabin wayoyin da suka ratsa layin. In ta wuce da cikakken ƙarfinta, gaɓar ba za ta buɗe ba, tsagar sai ta koma wani wuri.

Daɓe yana da gaɓa iri na biyu da ta yi kama da ta katanga, rata ce ta gaske har ƙasa. Ana sa ta duk inda kankaren ya taɓa abin da ke da nasa harsashin: jikin ɗaki, gindin katanga, ginshiƙan rumfar mota. Kafin a zuba, a jingina falle mai laushi mai kaurin kusan rabin inci a jikin bangon, tsayinsa daidai da kaurin daɓen. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij yana yi in ba a sami na musamman ba. Katako kam ban ba ka shawara ba, gara za ta gode maka.

Yanzu lokaci, wanda nan ne shawarar mutum na biyu ta lalace. Daɓe ba ya jira. Ana yanka shi da zarar ya yi taurin da faifan inji ba zai ɓantalo tsakuwa daga bakin tsagin ba. A yanayi mai sauƙi wannan yana zuwa tsakanin awa 6 zuwa 18 bayan zubawa, a bazarar Sakkwato kuwa ka sa ran farkon wannan lokacin, wani sa'in ma kafin nan. Gwajin mai sauƙi ne: a ja ƙusa a fuskar, in ta bar farin zane ba ta tono yashi ba, a gwada yankan taƙi ɗaya a gefe. Bakin ya fito tsaf, a ci gaba. Yana marmashewa, a ƙara awa ɗaya. Hatsarin yana daren farko, lokacin da fuskar kankaren ta huce ta tsuke alhali bai yi ƙarfi ba.

Na taɓa cin wannan kashin da kaina. Mun zuba wani daɓe a Mabera da safe, mai injin ya ce janaretonsa ya ƙi tashi, sai gobe. Goben ta zama jibi. Da muka zo muka janye buhunan da aka rufe shi da su, ga wata siririyar tsaga kamar gashi ta tashi daga kusurwar matakalar ɗaki ta bi ta tsakiya har gindin katanga, taƙi biyu kacal daga layin allin da muka zana. Mun yi yankan duk da haka, amma tsagin ya zama ado, motsin duk ya ci gaba da bi ta waccan. Tun daga ranar, in ban ga inji da mai a wurin kafin a fara kwaɓa ba, ba na dogara da shi. Ana iya yin tsagin tun kankaren na ɗanye: a ɗora miƙaƙƙen katako a matsayin jagora, a danna bakin ƙarfe mai kusurwa ya nutse inci 1, a zare, a gyara bakin da cokali. Zanen da wasu ke ja da bakin cokali don kwalliya, wanda bai kai kaurin farce biyu ba, ba ya cikin lissafi.

Idan zubin ba zai ƙare rana ɗaya ba, a tsayar da shi daidai kan ɗaya daga layukan, da katako a miƙe, kada a bar shi ya gangare inda siminti ya ƙare.

Katanga ba ta da wannan gaggawar, nata haɗarin daban ne. Ka raba bango mai tsayin ƙafa 8 gida shida, kowane gida dole ya iya tsayuwa da kansa gaban iskar farkon damina, irin wadda ke kwashe kwanon rufi. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ginshiƙi biyu kafaɗa da kafaɗa a kowace gaɓa, da falle mai laushi tsakaninsu, kowane ginshiƙi riƙe da nasa ɓangaren. Tunda yawanci ana sa ginshiƙi kowace ƙafa 10, abin da zai ƙaru a kanka ginshiƙi biyar ne. In kuɗin ya yi yawa, a bar ginshiƙi ɗaya: gefe guda a ɗaure bulo da shi kamar kullum, ɗaya gefen a bar rata, a ratsa ta da guntayen rodi siriri mai santsi kowane layi biyu, rabin kowanne a kafe cikin ginshiƙi, ɗaya rabin a zura cikin guntun tiyo a kwantar cikin kwaɓin bulo, da ɗan fili a ƙarshen tiyon. Bangon zai iya ja da baya ko matsowa, amma ba zai kife gaba ko baya ba. Duk rodin da aka miƙe ya ratsa gaɓa a kafe, ko na bim ɗin sama ne, ya kashe ta. Haka hular katanga da filasta: dole layin ya ratsa su. Sau da yawa magini zai bar rata mai kyau, mai filasta ya zo bayansa ya shafe ta don bango ya yi sumul, kafin shekara ta zagayo ka ga tsaga tana karkace a kan layin, filastar gefenta tana ƙarar kwalo in ka ƙwanƙwasa. Kuma ka leƙa cikin ratar kafin a rufe: dunƙulen kwaɓi ɗaya da ya faɗa ciki ya bushe ya isa ya hana ta aiki.

Wata shawara da ba ta cin kuɗi: kada a ɗauko bulo daga wurin bugawa kwana biyu da yinsa a hau gini da shi. A bar shi ya sha ruwansa, ya bushe, ya kai kamar mako huɗu. Tsukewar da ya yi a jibge a ƙasa ba zai sake yin ta a jikin bango ba.

Toshewa kuma, ƙa'idarta ɗaya a duka biyun: abin da za a sa ya zama mai miƙewa da dawowa, kuma ya manne a gefe biyu kawai. Kwaɓin siminti ya fita tun nan. Ana fara cusa igiyar soso mai zagaye, wadda ta fi ratar kauri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu don ta kama kanta, a tura ta ciki daidai zurfin da ake so. Sannan a matsa gam a kanta da bindigar gam. Amfanin igiyar biyu ne: tana hana gam zurarewa ciki a yi asara, kuma gam ba ya manne mata. Ka tuna robar ɗaure kuɗi: in ka riƙe bakinta biyu tana miƙewa, in ka liƙa tsawonta duka a kan tebur ka ja, tsinkewa za ta yi. Zurfin gam ɗin rabin faɗin ratar ne, kada ya gaza milimita 6. Cika rata taf da gam ba ƙarin ƙarfi ba ne, kaurin ne ma ke sa ya ɓalle daga gefe.

Faɗin ratar katanga daga nan yake fitowa. Gida mai ƙafa 20 yana motsin zafi kusan milimita 2, ga ragowar tsukewa. Gam mai kyau yana jure miƙewar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa. Rata mai milimita 10 tana dab da iyakarta ke nan, shi ya sa na fi son 15 zuwa 20 a katangar da rana ke duka ta fuska biyu, da zurfin gam 8 zuwa 10, ciki da waje. Tsagin inji a daɓe kuwa siriri ne, milimita 3 zuwa 5, gam ba ya zama da kyau a ciki. In za a toshe shi, a sake bin samansa da faifai a faɗaɗa zuwa 8 ko 10.

Wane gam? Ga katanga, foliyuretan nake saye, wanda aka rubuta na gini ne kuma ba ya zuba a tsaye. Yana kama siminti, yana karɓar fenti, ko da yake fentin kansa zai yi 'yan tsage-tsage a kan layin. Silikon ɗin gilashi da na banɗaki, mai warin tsami in an matsa, ba ya riƙe siminti da kyau kuma fenti ba ya zama a kansa. Kwalta a bango kuwa, Afrilu na zuwa za ka ga ta zubo baƙi kamar hawaye, ta bar saman ratar a buɗe. A daɓe tana da ɗan wuri: tana da arha, tana hana ruwa, a gefen katanga da bayan ɗaki inda ba a takawa za ta yi maka shekaru. Amma a tsakiyar gida tana laushi da rana, takalman yara su kai ta kan tabarma, yashi ya nutse cikinta, da hunturu kuma ta yi tauri ta saki gefe. In ka fara da kwalta, ka sani komawa gam daga baya sai an goge ta tas da inji, domin gam ba ya kama wurin da ta taɓa.

Abin da ya sa ake toshe su ma ya bambanta. A katanga kana tsare ido, ƙura, kunama da ruwan da zai shiga ramukan bulo. In ka bar ta wata biyu a buɗe babu abin da zai same ta, jinkirin ma alheri ne, bulon ya gama ja da baya kafin gam ya shiga. A daɓe maganar ta fi nauyi: ruwan Agusta yana bi ta tsagin ya jiƙa cikon ƙasa, mota ta taka bakin ya karye, tsakuwa kuma ta cika ratar har ranar da kankaren ya so miƙewa ya rasa wuri ya ɓantare baki. Shi ma a ba shi aƙalla wata ɗaya, amma a rufe kafin ruwan farko. Ranar aikin a goge ciki da burushin waya, a hure ƙurar, wurin ya zama busasshe, a liƙa tef a gefe biyu don layin ya fito tsaf. A yi da safe ko bayan la'asar. Da tsakar rana ratar a matse take, ga zafin kankaren yana sa gam kumfa. A daɓe a bar gam ɗin ya ɗan nutse ƙasa da fuska kaɗan don taya kada ta riƙa goge shi. Idan nan gaba ka sa tayil, layin gaɓa ya fito har saman tayil ɗin, a cike shi da gam maimakon siminti.

Akwai tsagar da gaɓa ba ta magani, kada a ɗora mata laifi. Gajerun tsage-tsage da ke fitowa a fuskar daɓe cikin awannin farko, tun bai yi tauri ba, iska ce ta shanye ruwan fuskar: maganinsu a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna da wuri, a ci gaba da ba shi ruwa kwana bakwai. A katanga, tsagar tsukewa a tsaye take, faɗinta kusan ɗaya daga sama zuwa ƙasa. In ka ga wadda ke hawa kamar matakala tana bin layin kwaɓi, wani bakin ya fi wani faɗi, ko tana buɗewa da rani tana rufewa da damina, wannan harsashi ne ke motsi, abin da aka fi gani a ƙasar laka ta wajen fadama da kuma filin da aka cike bola.

Duk wannan lissafin na daɓen da ke kwance kan ƙasa ne. In ka zo yin bene, daɓen saman da ke rataye kan ginshiƙai kada kowa ya kusance shi da injin yanka, rodinsa ne ke ɗauke da shi. Gaɓar irin wannan tun a zane injiniya yake fitar da ita, da ginshiƙanta biyu, kuma gida mai girman na zama yawanci bai kai tsawon da zai buƙace ta ba.